Kafin a Ɗora Hoton Atamfa: Tambayoyin da Ake Tura wa Ɗan Sari

Da yawa daga cikin matan da ke sayar da atamfa ta waya a yau ba su taɓa riƙe zanen da suke tallatawa ba. Kayan na can jibge a wani shago a Kantin Kwari, a Kano. Ita mai tallar tana Bauchi ko Gusau ko Maraɗi, mai sayen kuma tana wani gari na uku. Ɗan sari ya turo hotuna ta WhatsApp, ita ta ɗora ribarta ta sa a shafinta, in an biya sai a kai tasha a ba direba. Sana'a ce da ta rufa wa gidaje masu yawa asiri, domin ba ta neman kuɗin hayar shago, ba ta neman jari mai nauyi.

Wurin da take da rauni shi ne layuka uku ko huɗun nan da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto. Mai saye ba ta taɓa zanen ba, ba ta murza shi ba, ba ta ɗaga shi a rana ba. Abin da ta karanta shi ta saya. Idan kaya suka iso suka saɓa wa rubutun, ba Alhajin Kantin Kwari za ta kira ba, don ba ta ma san da shi ba. Wadda ta karɓi kuɗinta za ta kira.

To daga ina waɗannan layuka suke fitowa? A mafi yawan lokaci daga hira irin wannan: "Salamu alaikum Alhaji, wannan mai kyau ce? Nawa turmi?" Shi kuma, yana tsakiyar ciniki da mutum uku, sai ya amsa da murya: "Mai kyau ce sosai, Hajiya, ba ki da matsala." Daga nan sai a ga talla ta fito: atamfa 'yar asali, auduga zalla, ba ta zuba, yadi shida cif. Abu huɗu ke nan, kuma babu ko ɗaya da ya fito daga bakin Alhaji. Bai yi ƙarya ba. An yi masa tambayar da ba ta da wata amsa sai "mai kyau ce", ita kuma ta cike gurbin da abin da take fata.

Wannan matsala ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun tattauna ta tun fiye da shekara dubu. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai babi a kan sayar da dilar tufafi ba tare da an kwance ta ba, a bisa takardar da aka rubuta abin da ke ciki, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa har gobe, ta halatta irin wannan ciniki muddin siffar kayan sananniya ce. Hukuncin a taƙaice shi ne: idan kaya suka dace da siffar da aka bayar, ciniki ya hau kan mai saye, idan suka saɓa, yana da damar mayarwa. Dokar kare masu saye ta Najeriya ta shekarar 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta hana siffanta kaya ta hanyar da za ta yaudari mai saye, ta kuma ba shi damar mayar da abin da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa idan ya saɓa wa bayanin da aka ba shi. Ke nan ta kowace fuska aka duba, rubutun da ke ƙarƙashin hoto alkawari ne, kuma mai tallar ce ta ɗauke shi.

A ɗauki misalin wata mai sayar da zannuwa a Bauchi. An nemi ta samo ankon biki, turmi 20 iri ɗaya, ta kuma hango wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye a cikin hotunan da ɗan sarinta ya turo da safe. Kafin ta sa hoton a zauren 'yan biki, ga saƙon da ya kamata ta rubuta:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa, Allah ya ƙara buɗi. Ina so in sa shuɗiyar nan mai ganye a talla, ga hotonta na dawo maka da shi don kada mu saɓa. Anko ne, turmi 20. Don Allah a taimaka min da waɗannan kafin in rubuta komai:

1. Yaro ya warware turmi ɗaya ya auna da tef. Yadi nawa ne tsawonsa, inci nawa ne faɗinsa?
2. Auduga ce zalla, ko roba, ko haɗi? In an ƙona zare ɗaya daga bakinta, toka yake yi ko dunƙulewa?
3. A ɗauko min hoton takardar da ke manne a jiki, da hoton rubutun da ke gefen zanen, yadda zan iya karantawa.
4. A ɗauko min gaba da baya a haɗe, a waje cikin hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba.
5. Turmi nawa ne a ƙasa yanzu, kuma duk daga dila ɗaya suke?
6. In an samu mai tabo ko wadda ba ta cika ba, za a canja? Cikin kwana nawa, kuma wa zai biya kuɗin mota?

Na san ana cikin hidima, Alhaji. Ko da murya ce a amsa min, a bi lamba-lamba. Abin da ba a tabbatar ba a ce min ba a tabbatar ba, ba komai. Na gode, Allah ya bar zumunci."

Abin lura a saƙon shi ne babu tambaya ko ɗaya da za a iya amsawa da "mai kyau ce". Kowace tana neman ɗaya daga cikin abu uku: adadi, hoto, ko e da a'a. Lambobin ma ba ado ba ne. Ɗan kasuwar da ke tsaye a shago da murya yake amsawa, kuma idan aka jero masa tambayoyi a dunƙule, ta ƙarshe kawai zai tuna. Mayar masa da hoton kuwa yana kashe wata rigima tun kafin ta taso, domin mai shagon da ke da shuɗiyar atamfa iri goma ba zai san wace "shuɗiyar nan" ake nufi ba.

Tambayar awo ita ce ta farko saboda ita ce aka fi ɗauka an riga an sani. Kowa ya san turmin atamfa yadi shida ne. Amma abin da aka buga a takarda da abin da tef zai nuna ba kullum suke zama ɗaya ba, musamman a ƙananan atamfofi masu araha, inda akan ci karo da turmin da bai wuce yadi biyar da rabi ba. Rabin yadi ba ya da yawa a ido. A wurin tela kuwa shi ne ɗankwali, ko hannun riga. Idan turmi 20 na anko kowanne ya gaza da rabin yadi, yadi goma ke nan suka ɓace, wato fiye da turmi ɗaya da rabi, kuma mata ashirin ne za su ji labarin daga bakin telolinsu a mako guda.

Akwai kuma bambancin yadi da mita, wanda ke cin mutane a cinikin da ya ƙetare iyaka. Yadi ɗaya santimita 91.44 ne, mita kuma santimita 100. Turmi mai yadi shida bai kai mita biyar da rabi ba, ɗan kaɗan ya rage. A Nijar da Kamaru da Chadi an saba yanka shadda da mita, a Kano kuma da yadi. Idan kwastoma a Damagaram ya ce a ba shi "biyar" yana nufin mita, aka yanka masa yadi biyar, ya yi asarar santimita 43, kusan rabin mita. Saboda haka mai talla ba ta rubuta lamba ita kaɗai. Sai ta haɗa da sunan ma'aunin.

Faɗi shi ne wanda kusan kowa ke mantawa. Atamfa takan zo da faɗin inci 45 zuwa 48, amma yadin maza da shadda mai nauyi sukan kai inci 60 ko su ɗara. Yadi biyar mai faɗin inci 45 ya gaza yadi biyar mai faɗin inci 60 da kashi ɗaya cikin huɗu na zanen gaba ɗaya, alhali dukansu "yadi biyar" ake kiransu. Mutum mai jiki da ya saba yadi biyar na isar sa riga da wando zai iya samun kansa da riga babu wando, kuma babu wanda ya yi masa ƙarya a kan tsawo.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, domin ido da hannu ba sa iya raba gardamarta yanzu. Masaƙun zamani sun ƙware wajen yin atamfar roba mai kama da auduga, ga danƙon da ake sa wa sabon zane yana ɓoye ainihin jikinsa har sai an wanke. A hoto kam babu mai iya bambancewa. Amma mai sawa za ta bambance a ranar farko, a zafin watan Afrilu, domin auduga na shan gumi tana barin iska ta ratsa, roba kuwa riƙe zafi take yi. Shi ya sa kalmar "auduga zalla" take ƙara wa zane kuɗi, shi ya sa kuma take jawo faɗa idan ta zama ba gaskiya ba.

Gwajin wuta tsoho ne, kuma ba ya cin komai sai zare biyu ko uku da aka zaro daga bakin yanka. Auduga tana kamawa da sauri, ta yi warin takardar da aka ƙona, ta bar toka mai laushi wadda ke rugujewa in an murza. Roba gudun wutar take yi, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri da ba ya murjewa. Haɗi kuma yakan nuna duka biyu: toka da ɗan tauri a cikinta. Iyakar gwajin ke nan. Zai nuna akwai roba, ba zai faɗi kashi nawa ba ne. Ya kamata kuma a zaro zare ta tsaye da ta kwance, domin wani zanen ana saƙa shi da auduga ta gefe ɗaya, roba ta ɗaya gefen. Kuma a yi shi a waje, nesa da kaya. Kantin Kwari ta sha ganin gobara, babu mai shagon da zai so a kunna ashana tsakanin diloli.

Sai batun suna, inda mafi yawan kuɗi da mafi yawan ruɗani suke. Atamfar da ake kira Holan ta asali kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond na ƙasar Holan, kamfanin da aka kafa tun 1846. Shaddar da ake kira gezna sunanta daga kamfanin Getzner ne, da ke Bludenz a ƙasar Ostiriya. Amma a bakin kasuwa waɗannan sunaye sun daɗe da zama sunan aji. Mai shago zai ce "Holan ce" yana nufin zanenta irin na Holan ne, an buga ta a Sin ko Indiya, kuma shi da abokan cinikinsa na sari duk sun fahimci juna, domin farashin kaɗai ya isa ya gaya musu. Matsalar tana tasowa ne idan kalmar ta bar kasuwa ta faɗa hannun amaryar da ke haɗa lefe, wadda ta ɗauke ta a yadda take.

Don haka ne saƙon bai tambayi "asali ce?" ba. Ya nemi hoto. Atamfar manyan kamfanoni tana ɗauke da sunan kamfani da lambar zane a gefenta, kuma a ta Vlisco lambar da ke gefen zane ya kamata ta yi daidai da wadda ke kan takardar da aka manna. Idan lambobin suka saɓa, ko rubutun ya zo da kuskuren harafi, magana ta ƙare. Idan suka dace, alama ce mai kyau, amma ba hujja ce yankakkiya ba, domin masu kwaikwayo su ma suna buga gefe. Haka batun gaba da baya. Atamfar da aka yi ta hanyar rini da danƙo launinta yakan ratsa fuska biyu kusan daidai, wadda aka buga a fuska ɗaya kuma bayanta yakan yi fari-fari. Bayan da ya koɗe yana tona asirin zane nan take, amma baya mai kyau ba ya wanke shi, tunda akwai injinan da ke buga fuska biyu. A ƙarshe farashi ne babban shaida: zanen da ake sarinsa a kan ɗan abin da bai kai rabin kuɗin na asali ba, ba na asali ba ne, ko me aka rubuta a jikinsa.

Launi kuwa fitila ce ke sauya shi. Farin ƙwan shago da kyamarar waya sukan mayar da makuba ja, su mayar da shuɗi mai duhu ya yi haske. Hoton da aka ɗauka a waje, a inuwa mai haske, shi ya fi kusa da abin da mai saye za ta gani in ta buɗe leda.

Tambayar dila ta shafi anko kai tsaye. Zane iri ɗaya, lamba ɗaya, idan an buga shi a lokuta biyu, launinsa na iya ɗan bambanta. Mai sayen turmi ɗaya ba za ta taɓa sani ba. Mata ashirin da suka jeru a hoton biki kuwa, kowa zai ga cewa na wasu ya fi na wasu duhu. Kuma ɗan sarin da ke da turmi 14 a ƙasa ba zai ce babu ba. Zai karɓi odar, ya cike sauran daga shagon maƙwabcinsa, da kyakkyawar niyya. Sai an tambaye shi kafin ya faɗa.

A ce amsar Alhaji ta dawo bayan la'asar, da murya, da hotuna huɗu. Tsawo yadi shida ne, an auna. Faɗi inci 45. An ƙona zare, ya yi toka amma da ɗan tauri, don haka haɗi ce. Takardar jiki na ɗauke da sunan wani kamfanin Sin, kuma a kasuwa ana ce mata ƙaramar Holan. Akwai turmi 14 daga dila ɗaya, sauran sai an nemo. Mai tabo ko gajere za a canja cikin mako guda in ba a yanka ba, kuɗin motar dawowa a kanta. Batun zuba, wanda ya ƙara da kansa, ya ce ba a taɓa kawo masa ƙara ba, amma shi bai wanke ba.

Daga wannan amsa, ga abin da za ta iya rubutawa da gaba gaɗi: atamfa shuɗiya mai zanen ganye, yadi shida, faɗi inci 45, haɗin auduga da roba, bugun ƙasar Sin, ba Holan ta asali ba, akwai turmi 14 launi ɗaya, ana canja mai tabo ko wadda ba ta cika ba cikin kwana biyar in ba a yanka ba. Ta rage kwana biyu daga makon da aka ba ta saboda tafiyar mota daga Bauchi zuwa Kano, kada wa'adin kwastoma ya wuce nata.

"Ba ta zuba" bai shiga ba. "Ba a taɓa kawo ƙara ba" labarin shago ne, ba gwaji ba ne. Idan tana son wannan kalma a tallarta, sai ta sa a turo mata turmi ɗaya, ta yanki ƙyalle, ta jiƙa shi a ruwan sabulu, ta goga shi a farin tsumma. Ɗan launi a ruwan wankin farko ba abin tsoro ba ne ga zane mai duhu; launin da ya kama farin tsumma, ko ya haura daga shuɗin zuwa farin da ke jikin zanen kansa, shi ne zuba. A nan ne kuma za ta auna ƙyallen kafin wanki da bayan ya bushe, ta ga ko yana tsukewa.

Ga 'yan bikin kuma, tana da zaɓi biyu da za ta gabatar musu tun yanzu, kafin kowa ya biya: ko a tsaya a kan turmi 14, ko a koma wa wani zanen da ake da ashirin daga dila ɗaya. Wannan magana mai sauƙi ce a ranar Litinin. Ba ta da sauƙi idan ɗinki ya fito saura kwana uku a ɗaura aure.

Wasu ƙananan 'yan kasuwa suna jin nauyin tura irin wannan saƙo. Suna ganin kamar zargi ne ga dattijon da ke ba su kaya, wani lokacin ma bashi. Wannan kunya tana da tushe, kuma ita ce ta sa saƙon ya fara da gaisuwa, ya faɗi dalilinsa, ya buɗe ƙofar a ce "ban tabbatar ba". Amma a ganin mai wannan rubutu, tsoron ya fi gaskiyar lamarin girma. Ɗan sarin da ya daɗe a kasuwa ya san cewa kayan da aka siffanta daidai ba sa dawo masa, kuma aikin da aka nema bai wuce na yaron shago na minti goma ba. Abin da ke ɓata masa rai shi ne a yi ta aiko masa da tambaya ɗaya-ɗaya wuni guda, ko a turo ta a tsakiyar hada-hadar rana a ce ana jira yanzu. Saƙo ɗaya cikakke, da safe kafin kasuwa ta cika, ya fi samun amsa.

Yadda aka amsa ma bayani ne. Wanda aka yi wa tambaya shida ya amsa biyar ya tsallake ta auduga, aka sake tambaya ya sake tsallakewa, ya riga ya faɗi abin da ake son ji. Wanda aka nemi hoton gefen zane ya turo hoton da aka gyara na kamfani, mai yiwuwa kayan ba a hannunsa suke ba, shi ma dillali ne a tsakani, kuma duk abin da ya faɗa jin-ta-jin-ta ne.

Amsar da aka samu kuma ta dilar da aka auna ce kaɗai. Idan turmi 14 ɗin nan suka ƙare, Alhaji ya ce sabuwa ta sauka, zane ɗaya, lamba ɗaya, tsohon rubutun talla bai hau kanta ba tukuna. Masaƙa na iya sauya zare, mai shigo da kaya na iya sauya masaƙa, faɗin na iya raguwa da inci biyu. Mai tallar sai ta sake tura tambaya ta ɗaya, ta biyu da ta biyar, ta jira amsa, sannan ta mayar da hoton shafinta.